Kwana 3 babu intanet a shagona, ashe ba waya ce ta tsinke ba

Shekara biyu ke nan da na ja intanet na faiba zuwa shagona a Kubwa, inda muke yi wa mutane rajista da buga takardu. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne abin da ya faru da ni a makon jiya, wanda har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci.

Ranar Litinin da safe na buɗe shago, yara sun riga sun yi layi da takardunsu. Kwamfutoci duk sun kama wayifai, alamar a cike take, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Nan take na ce waya ce ta sake tsinkewa, don mu a nan mun saba, duk lokacin da masu aikin hanya suka haƙa kwalbati sai mun ji a jikinmu. Na kira layin kamfanin. Wadda ta ɗauka ta ce in kashe na'urar intanet ɗin in kunna, na ce na yi har sau huɗu. Ta ba ni lambar ƙorafi, ta ce injiniya zai zo. Ba ta tambaye ni wace fitila ke ci a jikin na'urar ba, ba ta kuma buɗe asusuna ta duba ba, alhali yana gabanta. Haka na wuni Litinin da Talata ina jona kwamfuta ɗaya da datar wayata, sauran kwastomomi suna wucewa shagon gaba ina kallo.

Sai ranar Laraba da hantsi injiniyan, wani yaro matashi, ya iso a kan babur, da tsani da jakar kayan aiki. Ko tsanin bai sauke ba. Ya durƙusa gaban na'urar, bai yi minti ɗaya ba ya ɗago ya ce, “Alhaji, wayarka lafiya lau take. Rufe maka layi aka yi.”

Na ce, “Haba ƙanina, ni da na biya tun ranar Juma'a?”

Yaron nan shi kaɗai ne abin yabo a cikin wannan labari, Allah ya yi masa albarka. Da ya so, da ya ɗan taɓa waya ya karɓi na mai ya tafi. Sai ya zaunar da ni ya nuna mini fitilun ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda aka rubuta LOS a ƙarƙashinta. Idan ta kama ja tana ƙyaftawa, hasken da ke bin cikin wayar faiba ba ya isowa ke nan: ko ta tsinke a hanya, ko ta lanƙwashe da yawa, ko kan da ake sokewa a na'urar ya saki. Wannan aikin injiniya ne, ko nawa ka biya ba zai gyaru ba sai an zo. Kusa da ita akwai PON. Idan tana kore, a tsaye ba ta ƙyaftawa, na'urarka tana gaisawa da injin kamfani lafiya. Tawa kuwa LOS a mace, PON kore shar. Fitilar INTERNET ce kawai ta mutu. Hanya a buɗe take har ƙofar kamfani, su ne suka ƙi buɗe mini.

Don in gani da idona, ya sa na rubuta adireshin da ke jikin takardar bayan na'urar a burauza, tawa 192.168.100.1 ne, wasu kuma 192.168.1.1. A shafin WAN an rubuta Disconnected, dalilin kuma shi ne an ƙi karɓar sunan asusuna da kalmar sirri. Ya ce waɗanda suke jona waya kai tsaye da kwamfuta suna buga layi ta PPPoE, wato shiga da sunan asusu da kalmar sirri, wannan abin ne yake fito musu a matsayin Error 691.

Ya kuma ja mini kunne a kan abu biyu. Na farko, ba kowane kamfani ke rufewa iri ɗaya ba. Wasu suna barin ka a Connected, amma duk inda ka nufa sai su karkatar da kai shafin biyan kuɗi. Matsalar ita ce yawancin shafuka yanzu da https suke farawa, kuma irinsu ba sa yarda a karkatar da su, sai dai su yi ta juyawa ko su nuna gargaɗin tsaro. Shi ya sa mutum ba ya ganin sanarwar. Dabarar ita ce ka rubuta adireshi mai http zalla, kamar http://neverssl.com, idan an rufe ka ta wannan hanya shafin kamfani zai fito ya ce maka kuɗinka ya ƙare. Na biyu, kada in kuskura in soka tsinke a ramin RESET. Yin haka yana iya share sunan asusu da kalmar sirrin da aka saka a ciki, sai na'urar ta nuna alamun wanda aka rufe sak, ko da bai ci bashin kowa ba. Wallahi ranar Talata da yamma sai da na ɗauko allura, maƙwabcina mai gyaran waya ne ya hana ni.

To me ya faru da kuɗina? Da muka shiga asusun ta wayata, ga kuɗin nan zaune cikin lalitar asusun, ba a taɓa su ba. Ashe an ƙara farashin tsarin da nake kai, ni kuma na tura tsohon kuɗin da na saba. Saura naira 4,500 ya cika. Kwana 30 ɗina sun ƙare daren Lahadi, injinsu ya zo sabuntawa ya ga kuɗi bai kai ba, ya datse. Na cika ragowar a gaban yaron, ya ce in kashe na'urar in kunna don ta sake neman shiga. Kafin ya gama shan ruwan da na ba shi, fitilar INTERNET ta kama.

A lokacin daɗi ya rufe ni, har na ce a raina zan rubuta musu yabo. Kuma gaskiya gudun intanet ɗinsu ba laifi. Ban ma zargin su a kan ƙarin kuɗi, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kowa ya san farashi ba ya nan yadda yake. Amma da na zauna da dare ina lissafin abin da na rasa, sai abin ya dawo mini sabo. Sun ce sun aiko da imel. Na duba, yana can cikin Spam. Lambar wayata tana hannunsu, kullum suna turo mini tallan sabon tsari, amma saƙo ɗaya na “kuɗinka bai cika ba” ya gagare su. Sannan sau biyar na kira cikin kwana biyu, mutum biyar daban, babu wanda ya kalli allon gabansa ya ga an rubuta Suspended. Ina tunawa a Maris ɗin 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasa duka ta shiga wahala, ban yi fushi da su ba ko kaɗan, don ba laifinsu ba ne. Wannan kuwa sakaci ne tsantsa, kuma ba shi ne na farko ba: a damina sai da na yi kwana huɗu da jar LOS, ba su mayar mini da ko kwana ɗaya ba.

Na rubuta musu ƙorafi da lambar da suka ba ni, ina neman a saka mini sanarwa ta tes kafin wa'adi ya cika, a kuma biya ni kwanakin damina. Idan mako ya zagayo ban ji komai ba, zan kira 622, layin ƙorafi na NCC, in ba su lambar. Tauraro biyu na ba su, ɗaya ma na yaron nan ne. Kuɗin wannan watan ya riga ya shiga, amma na fara tambayar maƙwabta wane kamfani suke amfani da shi.