Tazarar fila: mita 4 ko mita 6?

Tambaya: "Ina zana bene hawa ɗaya, mita 12 a kan mita 12. In jera fila duk bayan mita 4, ko in kai mita 6 don a rage yawansu a rage kuɗi?"

Malam, rage yawan fila ba lallai ya rage kuɗi ba, sau da yawa kuɗin komawa yake yi cikin bim da dekin.

A mita 4 za ka samu fila 16, ta tsakiya tana ɗauke da murabba'in mita 16 na dekin. A mita 6 fila 9 ne kacal, amma ta tsakiya murabba'in mita 36 ke kanta. Ta farko tana iya tsayawa a milimita 225 kowane gefe, ta shige cikin bulo inci tara babu mai ganinta. Ta biyu takan kai 300, ta fito daga bango ta hana kwaba zama daidai, gindinta ma sai an faɗaɗa.

A bim ne bambancin ya fi fitowa. Ƙiyasin farko shi ne a raba tazara gida 12 zuwa 15 a samu zurfi. Amma a aikace, a mita 4 akan yi amfani da milimita 450, har da kaurin dekin, a mita 6 kuwa 500 zuwa 600. Ƙarfin da ke lanƙwasa bim yana bin wL²/8, inda w ke nufin nauyin da ke kan kowace mita ta bim, L kuma tazarar, kuma faɗin dekin da yake ɗauka ya ƙaru, don haka ƙarin mita 2 ɗin nan yana ninka shi fiye da sau uku. Rodi mai 16 sai ya koma mai 20, ko a ƙara yawansa. Idan kuma tsayin hawa mita 3 ne, bim mai 600 zai bar maka mita 2.4 a ƙarƙashinsa tun kafin tayil da silin, fankar sama ma ta zama abin lissafi.

Dekin mai kauri 150 yana isar mita 4. A mita 6 sai 175 zuwa 200, ko a ratsa ƙaramin bim a tsakiya. Ƙarin milimita 50 a gininka ya haura kubik 7 na kankare, siminti sama da buhu 40, ban da rodi.

Idan gidan zama ne, mita 4 na fi so, domin ɗakin kwana bai cika wuce haka ba, bangon sama kuma yana sauka a kan bim. Mita 6 na falo ne da shago da gareji: mota biyu na son mita 5 a tsakanin fila, mita 4 ɗaya kawai take ɗauka. Ba dole layukan su zo daidai ba, kana iya buɗe layin falo kaɗai. Sai dai kada filar sama ta sauka a tsakiyar bim ɗin falon, kada kuma bulo inci tara ya zauna a kan dekin da ba a lissafa masa shi ba. In an yi haka dekin yana lotsawa, a ga tsaga a kwance a gindin bango, ƙofa ta fara cijewa. Kai wa injiniya zanen tun ɗakuna ba su tabbata ba, shi zai fitar da girman rodin.