Sharhi kan kayan gwajin juyi: faifai, zobe da sanda mai dunƙulen ƙarfe

Makarantarmu ta sayo wannan akwati na gwajin juyi don ɗaliban sakandare, kuma ni ke koyarwa da shi tun farkon zango. Abubuwa huɗu ne a ciki: faifan katako, zoben ƙarfe, katakon gangara mai tsawon mita 1, sai sanda da ke juyawa a kan gindi, da dunƙulen ƙarfe biyu da ake matsarwa a jikinta. Na gamsu da shi ƙwarai, amma takardar bayanin da ta zo da shi tana da kuskuren da kan iya sa yara su daina yarda da lissafi.

Faifan da zoben su ne suka fi burge ni. Na ɗora su a sikeli, nauyinsu ɗaya, faɗinsu ma ɗaya. Kafin a sake su nakan tambayi aji wanne zai riga isa ƙasa, yawanci sukan ce tare za su isa tunda nauyinsu ɗaya. Sai a ɗaga kan katakon da santimita 10 a sake su. Faifan yakan isa a kusan daƙiƙa 1.75, zoben kuma sai wajen daƙiƙa 2. Ba ma sai an duba agogo ba, domin lokacin da faifan ya taɓa ƙarshe, zoben yana baya da kusan kwata na katakon.

Dalili shi ne inda nauyin ya zauna. Idan abu yana juyawa, ɓangaren da ke nesa da tsakiya ya fi na kusa yin doguwar tafiya a kowane zagaye, don haka dole ya fi shi gudu, kuma ba shi wannan gudun yana cin ƙarfi. Nauyin zobe duk yana can bakinsa. Na faifai kuwa ya bazu, da yawansa yana kusa da tsakiya inda motsin kaɗan ne. Shi ya sa rabin ƙarfin da gangara ke ba zobe yake tafiya wajen juya shi, alhali faifai kashi ɗaya cikin uku kawai yake kashewa a juyi, sauran ya tafi wajen tura shi gaba. Wanda ya taɓa lura da ƙafar keken ɗinki ya ga wannan dabara: an tara ƙarfen a baki, tayar da ita sai an ɗan yunƙura, amma in ta kama juyi ba ta saurin tsayawa.

Sandar ce ke nuna girman tasirin nisa, kuma a nan matsalar take. Ƙa'idar ita ce I = mr², wato wuyar juyawa daidai take da nauyi sau nisa sau nisa. Kowane dunƙule giram 200 ne. In an sa su santimita 10 daga tsakiya, lissafin dunƙulen biyu a kilogiram da mita ya ba da 0.004. In an mayar da su santimita 30, ya zama 0.036. Nisa ya ninka sau uku, wuyar juyawa ta ninka sau tara, ba a ƙara ko giram ɗaya ba. Takardar ta tsaya a nan, ta ce ƙaramin nauyin da ke jan zaren da aka naɗe a gindin sandar zai ɗauki ninki uku na lokaci kafin ya sauka, domin ninkin lokacin sau kansa ne ke ba da ninkin wuyar juyawa.

Yara suka gwada, suka samu ninki biyu da ɗan kai. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, ko dai ƙa'idar ce ba daidai ba?” Wannan tambaya ta dame ni, domin yarinyar ta auna daidai. Masu takardar sun manta cewa ita kanta sandar tana da nauyi. Mun auna ta, giram 100, tsawonta santimita 70. Ga sandar da ke juyawa a tsakiyarta ana amfani da I = ML²/12, inda M shi ne nauyinta, L kuma tsawonta, wanda ya ba da kusan 0.004. Da aka haɗa, sai lissafin ya koma 0.008 da 0.040, wato ninki biyar, lokacin saukar kuma ya kama kusan ninki 2.2. Abin da agogonsu ya nuna ke nan.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Katakon yana da santsi, in an ɗaga shi sosai zoben yakan fara zamewa maimakon mirginawa, tazarar da ke tsakaninsa da faifan ta ragu. Za ka gane haka in ka yi wa bakinsa alama da alli ka ga ba ya zagayawa yadda ya kamata. Boris ɗin gindin ma ƙurar hunturu na sa shi tauri, sai an goge an ɗiga masa mai. Duk malamin da zai saya, ya nemi sikeli tun da wuri, ya bar ɗalibai su auna sandar da hannunsu kafin a buɗe takardar.