Manhajar waya mai saka tabarau ko aikin hannu a Photoshop?

"Salam 'yan uwa, hoton mahaifina ne za mu buga a kalandar bikin ƙanwata, kuma ranar da aka ɗauka bai sa tabarau ɗinsa ba, shi kuma da shi kowa ya san shi. In biya kuɗin manhajar nan mai ɗora gilashi da kanta ne, ko in kai a yi da hannu a Photoshop?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri. A yi da hannu kawai.

Manhajar na taɓa biyan kuɗin wata ɗaya a irinta, har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. In dai fuska ta kallo gaba sak kuma a sitatus za ka sa, to ba laifi, tana yi, iyakarta ke nan. Da zarar kai ya ɗan juya sai ka ga tabarau yana shawagi a gaban fuska kamar an manna sitika, kuma kalanda babba ce, duk abin da waya ta ɓoye takarda za ta tona.

Aikin da na fi jin daɗinsa a wannan fannin na wani kawuna ne, hoton da za a sa a firam a rataye a falo. Ban nemo hoton tabarau a intanet ba, nasa na gaske na karɓo, na sa ƙanena ya saka, na zaunar da shi kusa da taga yadda hasken zai zo ta hagu kamar na ainihin hoton, ya juya kai daidai yadda kawu ya juya, na ɗauka, sannan na yanko tabarau ɗin kaɗai. Rabin wahalar ta ƙare tun a nan, domin karkatar firam ɗin da ƙyallin jikinsa duk sun zo daidai ba sai na ƙirƙira ba. Da matarsa ta gani cewa ta yi ai ita ta tuna ranar yana sanye da shi, ni dai na yi shiru. Tunda na Baba yana nan a gida, kai ma haka za ka yi.

Girma shi ne inda yawancin mutane ke faɗuwa, ido kawai suke bi. Duba cikin hannun tabarau ɗin, wanda ke tafiya kunne, galibi za ka ga lambobi uku kamar 52, 18, 140. Na farko faɗin gilashi ɗaya ne a milimita, na biyu faɗin gadar da ke kan hanci, na uku tsawon hannun. In ka haɗa 52 da 18 ka samu 70, wato tazarar tsakiyar gilashin dama da tsakiyar na hagu ke nan. Shi kuma babban mutum tazarar ƙwayar idonsa biyu wajen milimita 63 ce, wani ya ɗara wani ya gaza. To a hoton kawu na auna daga ƙwayar ido zuwa ƙwayar ido na samu fiksel 315, ka ga kowace milimita fiksel 5 ke nan, sai na ja firam ɗin da Ctrl+T har tsakiyar gilasan biyu suka zama fiksel 350 tsakani. Abin da za ka lura shi ne ƙwayar ido ba ta faɗa tsakiyar gilashi cif ba, ta ɗan matso wajen hanci kuma ta ɗan yi sama, haka yake a gaske, kar ka gyara. Ka kuma ja layi daga ido zuwa ido ka karkata firam ɗin ya bi layin, in kan ya ɗan sunkuya gefe tabarau ma ya bi shi. Saman firam ya zauna ƙarƙashin gira ko ya ɗan shafe ta, gadar ta hau karan hanci. Hannun kuwa ka goge shi da mask daidai inda ya shige bayan kunne ko ƙarƙashin hula, ɓangaren da ya juya baya ma sau da yawa ba a ganin hannunsa sam.

Sai inuwa, kuma don Allah kar ka taɓa Drop Shadow. Shi yana ɗauka bango ne a bayan abin, sai ya zuba inuwa mai tazara ɗaya da laushi ɗaya ko'ina, alhali fuska ba bango ba ce. A kan hanci tabarau manne yake da fata, a wajen ido akwai ɗan rata kamar milimita 12, can gefen kunci ratar ta fi haka. Inda abu ya taɓa fata inuwarsa siririya ce mai duhu, inda ya yi nesa sai ta baje ta yi laushi ta kuma gusa. Shi ya sa leya biyu nake yi.

Ta farko ƙarama ce, da buroshi mai laushi nake ɗiga duhu ƙarƙashin 'yan robobin tabarau nan biyu da ke dafe hanci da inda hannun ya kwanta a saman kunne. Kaɗan ce ƙwarai amma ita ce ke zaunar da tabarau, in babu ita ko me ka yi yawo zai riƙa yi.

Ta biyu sai ka fara gano inda haske ya fito, duba ɗan farin ɗigon da ke cikin ƙwayar ido da kuma inda inuwar hanci ta faɗa. Na kawu ɗigon yana sama ta hagu, inuwar hanci ta sauka ƙasa ta dama, to ta tabarau ma dole can za ta bi. Na kwafi firam ɗin da Ctrl+J, na sa kwafin a ƙasa, na cika shi da launin da na ɗebo daga inuwar ƙarƙashin haɓarsa, ba baƙi ba, domin baƙi zalla a kan fatarmu toka toka yake komawa kamar an shafa gawayi. Na mayar da leyar Multiply, na rage Opacity ɗinta zuwa wajen 35%, na tura ta ƙasa ta dama da kamar fiksel 12, na lanƙwasa ta da Warp ta bi tudun kunci, sannan Gaussian Blur kaɗan kusa da hanci, da yawa a gefe. Duk inuwar da ta zarce fuska ta faɗa kan bango ka goge ta, wannan kuskuren ne ke fara tona asiri. Wani abu kuma, in fatar tana sheƙi a kunci kuma inuwar ta ratsa ta wurin, ka dushe sheƙin, wurin da inuwa ta rufe ba ya ƙyalli. Nawa adadin na hotona ne, in an ɗauki naka da rana tsaka inuwar za ta fi kaifi da duhu, ka kwaikwayi ta hancin kawai.

In na Baba na magani ne ka dube shi yana sanye da shi, na masu matsalar ganin nesa yana ƙanƙanta ido ya janyo gefen fuska ciki, na karatu kuma yana ƙara wa ido girma. Ka taɓa wannan kaɗan ƙwarai a cikin gilashin. A ƙarshe in hoton yana da ɗan yashi yashi ka sa wa firam ɗin Add Noise daidai da shi, kar ya fi fuskar tsafta.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da masu tallan "tabarau dubu a fayil ɗaya" a guruf guruf, na kyauta suke kwasowa su sayar, duk gaba suke kallo, wasu ma da farin baki a gefe. Haka masu cewa za su sa maka Photoshop na har abada a kuɗin kati, na sata ne, wani har da cuta a ciki. In ba ka da shi buɗe Photopea a burauza, kyauta ne kuma duk abubuwan da na ambata suna ciki. In kuma kaiwa za ka yi shago, tafi da tabarau ɗin a aljihu, kuma ka ce a zuƙo maka hancin a 100% ka gani kafin a buga.