Ajiyar Wasa a Girgije ko a Filashi?

A Yamai, inda ɗaukewar wuta da zafin bazara kan kashe na'urar wasa, mai PlayStation 4 yana da hanya biyu na kare ajiyar wasa, wato ci gaban da ya samu a wasanninsa. Kwafa ajiyar wasa a filashi kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, sai dai kwafin ranar da aka yi shi ne kaɗai zai dawo. Girgije kuwa, wato ma'ajiya a intanet, yana buƙatar rajistar PlayStation Plus da ake biya, amma yana ɗora ajiya da kansa, kuma idan na'ura ta lalace, shiga tsohon asusu a sabuwa da sauke ajiyar yana maido da ci gaban. A ganina girgije ya fi, muddin ana duba ranar ɗorawa ta ƙarshe, domin katsewar intanet takan bar tsohuwar ajiya. PlayStation 5 ba ta barin a kwafa ajiyar wasanninta ɗaya bayan ɗaya a filashi.