Forfen kiran gida daga Abijan: minti talatin da ba su kai talatin ba

Shekara uku ke nan ina zuwa biɗa Abijan, damina in dawo Tawa. Bara na gaji da ƙona kiredi, na koma sayen forfen kiran ƙasashen waje na kamfanin layina, mai minti 30 da ke mutuwa bayan kwana 7. Da farko na ji daɗinsa ƙwarai. Inna ƙaramar salula ce gare ta, mai maɓallai, ba ta san wani Watsaf ba. In na sa +227 da lambarta, muryarta na zuwa tas.

Ranar da aka ce mini zazzaɓi ya kwantar da ita ne na gane abin da na saya. Ƙauyenmu rezo sai an hau tudu. Na kira, ƙanena ya ɗauka, bai gama cewa "Yaya, da sauƙi" ba layi ya yanke. Na sake kira, ya sake yankewa. Sau tara na yi haka, ban da wasu sau huɗu da muryar na'urar ajiye saƙo ta amsa. Da na duba sauran mintina, 13 sun tafi, alhali a lissafin da wayata ta nuna duka maganarmu ba ta cika minti huɗu ba. Ashe ba da daƙiƙa suke ƙirga ba. Ko daƙiƙa goma ka yi an cire maka minti guda, kuma na'urar nan in ta amsa, a wurinsu an ɗauka ke nan. Wanda ya sayar mini bai ce mini komai ba a kan wannan.

Duk da haka ban ce a guji forfen ba. Mai tsohuwa irin tawa dole ya riƙe mintin kira. Amma doguwar hira na mai da ita Watsaf, ta wayar matata da ke cikin garin Tawa. Kiran murya bai cika cin mega ɗaya a minti ba, bidiyo ne ke kwashe su. Sai dai ku tuna ita ma nata megan na tafiya ko da kai ka kira, shi ya sa nake tura mata na forfe.

Wallahi in na tuna ƙarshen daren nan raina sake ɓaci yake. Mintina sun ƙare muna tsakiyar magana da Inna, kiran bai yanke ba, ba wani gargaɗi, ya zarce kan kiredina a farashin da ba na forfe ba. Jika ɗaya da rabi da na ajiye a layin, da safe babu ko dala. Yanzu ba na barin kiredi a layin in zan kira gida, kuma in ya yanke sau biyu nakan dakata har ƙanena ya hau tudu ya yi mini bip.