Bidiyo ko jerin hotuna, wanne ya fi jan mutane?

"Salamu alaikum ƴan'uwa. Jakunkunan fata nake sayarwa a Zango, ga hoton lissafin shafina na Instagram. Bidiyo ko jerin hotuna, wanne zan riƙe? Ni dai bidiyon na ga ya fi lamba."

Wa'alaikumus salam Hajiya. Jerin hotunan ne ya ci, kuma da rata. 6500 ɗin da ta burge ki a ƙarƙashin bidiyon Vues ce, wato sau nawa aka kalla, kuma mutum guda in ya maimaita kallo ana iya sake ƙirga shi. Ki sauka ƙasa ki nemi Comptes touchés, shi ne yawan mutanen da abin ya kai gare su, sai Interactions, wato jimillar sau nawa aka danna so, sharhi, turawa da ajiyewa. Lissafin ke nan:

```
Interactions ÷ Comptes touchés × 100
```

Bidiyonki ya kai ga mutum 4000, Interactions 120, kashi 3 cikin ɗari ke nan. Hotunan jar jakar nan kuwa mutum 900 kawai suka gani, amma Interactions 72, kashi 8 cikin ɗari. Ki ƙara duba cikin 72 ɗin: 25 Enregistrements ne, wato ajiyewa. Mace ba ta ajiye hoton jaka don nishaɗi, albashi take jira ko biki.

Ni takalman fata nake sayarwa, kuma jerin hotuna ne ke ciyar da ni. Na farko takalmin gaba ɗaya, na biyu ɗinkin badukun daf da ido, na uku a ƙafa, na ƙarshe kuɗinsa. Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta turo mini hoton da ta ajiye tun kafin azumi, ta ce irinsa take so na sallah, ita da ƙannenta. Bidiyo dai yana kai ki wurin baƙin ido, wannan ba a hana shi ba, amma yawancinsu wucewa suke yi.

Sai dai hoton allo guda ba ya yanke hukunci. Ki zaɓi kwana 30 na baya, ki yi wa bidiyo biyar da jerin hotuna biyar lissafin nan, ki fitar da duk wanda kika biya kuɗin tallarsa, domin talla tana kumbura yawan masu gani ta rage kason. Wanda kika ɗora jiya ma ki bar shi, bai gama yawo ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu cewa ki turo jikka biyar su ƙara miki mabiya, ko su tallata ki a shafinsu suna nuna hoton lissafi. Gyara lamba a hoto ba wuya. Ki ce ya buɗe wayarsa a gabanki, ki dubi garuruwan mabiyansa. In ba Damagaram, ba Yamai, ba Kano, ki riƙe kuɗinki ki biya mai ɗaukar hoto.