Hodar ruwa ga baƙar fata: wacce za ki saya a Jidda?

Duk mai yi wa amare kwalliya a Jidda ko Makka ta san wannan matsalar: a gama shafa faundeshan, a madubi ya yi kyau, hoto na fitowa sai a ga fuskar amarya ta yi furu-furu kamar ta shafa toka. Galibi ba duhun hodar ne bai kai ba, launin da ke ƙarƙashin fatar ne aka saɓa.

Baƙinmu ba iri ɗaya ba ne. Wata baƙinta yana da ja-ja a ciki, wata yana karkata zuwa ruwan ɗorawa, wata kuma tsaka-tsaki. Ki juya kwalin hodar ki duba: CI 77891 shi ne farin, CI 77492 ɗorawa, CI 77491 ja, CI 77499 baƙi. Da waɗannan huɗu ake haɗa kusan kowace kala. Shekara da shekaru kamfanoni suna haɗa ta farar fata, su ƙara baƙi kaɗan su ce ga tamu. Fari da baƙi kuwa toka suke bayarwa. A rage farin, a daidaita ja da ɗorawa, wannan aiki ne mai cin kuɗi da gwaji a kan baƙaƙen mata, su kuma sun riga sun yanke cewa ba ma saye. Ta yaya za mu sayi abin da ba a yi don mu ba? Shi ya sa Eunice Johnson ta kafa Fashion Fair, kamfanin kayan kwalliyar baƙaƙen mata, a Amurka a 1973, Iman, fitacciyar mai tallar tufafi, ma ta buɗe nata kamfanin a 1994.

Ni dai Fenty nake saya, ba na ɓoyewa. Mawaƙiya Rihanna, mai kamfanin, ta fito da hodarta Pro Filt'r a 2017 da kala 40, aka kai su 50 a 2019, kuma abin da ya burge ni shi ne ba a cusa mu a kwalba biyu na ƙarshen layi ba. Lambobin 300 na wankan tarwaɗa ne, na 400 na masu duhu, kuma a kowane mataki akwai mai ja, akwai mai ɗorawa. Yana jure zafi da gumin Jidda. Sai dai yana bushewa da sauri, yana kuma ɗan ƙara duhu idan ya zauna, mai busasshiyar fata sai ta fara shafa mai sosai. Ana samunsa a shagunan Sephora.

MAC ya daɗe yana yi da mu, amma ki kula: NC na mai ɗorawa ne, NW na mai ja. Kwanaki aka kawo min amarya baƙa mai ja-ja, ƙawayenta sun saya mata NC50. Na ɗiga mata a muƙamuƙi, ya fito kamar ƙasa-ƙasa, wuyanta ya fi fuskar haske da rai. Da na gwada NW50 a gefensa, sai ya ɓace cikin fatar. Lamba ɗaya, harafi ne kawai ya bambanta. Maybelline Fit Me yana da sauƙin kuɗi, in kin yi sa'ar samun lambarki a kanta, don sau da yawa masu haske ne jere. Huda Beauty ya yi min nauyi a wannan zafin.

Kada ki gwada a bayan hannu. Ki ja layi uku daga muƙamuƙi zuwa wuya, ki fita daga hasken shagon, ki ba shi minti goma sha biyar, sannan ki ɗauki hoto da filashi. Wanda ya ɓace shi ne naki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna: jabu. Ya cika shagunan araha da hannun masu talla a waya, lokacin Hajji da Umra kuma abin ya fi ƙamari, don baƙi na neman tsaraba da yawa a kuɗi kaɗan. Hajiya, idan aka ce miki Fenty ko MAC riyal ashirin, wallahi ba shi ba ne. Wata mai talla ta taɓa turo min kwalba shida wai ragowar shago ne, lambobinsu daban-daban, amma da na matsa su a farin faranti kusan duk kala ɗaya ce, ruwan lemo-lemo. Masu jabu ba sa wahalar haɗa kalolin duhu, lambar kawai suke canzawa.

Ki duba lambar da aka buga a gindin kwalbar, ta yi daidai da ta kwalin. Ki shinshina: warin fenti ko turare mai hawa kai alama ce. Ki ga ko mai ya rabu ya taso sama, ko rubutun kwalin ya dushe. Babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki, kuma a fatarmu ƙuraje na warkewa su bar baƙin tabo na watanni. Duk wadda ta hana ki gwadawa, ta kuma ƙi ba ki rasit, ki riƙe kuɗinki ki wuce.